Sanarwa Ga Ma'aikata Kan Ranar Ƙidayar Kaya

Daga: Manajan Sito, Kakuri, Kaduna
Zuwa ga: Dukkan ma'aikata

Assalamu alaikum.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan nan za mu ƙidaya kayan sito baki ɗaya. Kowa ya iso ƙarfe 7:00 na safe. Daga yammacin Juma'a za a rufe ƙofar lodi, babu motar da za ta shiga ko ta fita da kaya sai an gama.

Ƙidaya za ta fara ƙarfe 7:30, mutum biyu a kowane layi, ɗaya na ƙirgawa, ɗaya na rubutawa da biro. Za mu tsaya ƙarfe 1:30 don abinci da sallar Azahar, mu koma 2:30. Ƙarfe 4:30 kowa ya miƙa takardarsa ga akanta da sa hannu.

Don Allah kada a yi kintace. A duba bayan tarin buhunan shinkafa da sukari, a ɗaga katan a tabbatar cike yake. A nan muka samu giɓi wancan karon, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin sai da zargi ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba su gani ba. Kayan da suka fashe ko suka jiƙe a ware su gefe, a rubuta su daban. Inda lissafi ya saɓa wa littafin sito, wasu mutum biyu za su sake ƙirgawa.

Mai uzuri ya same ni kafin Alhamis.

Na gode.
Manajan Sito