Neman Bayani a Rubuce kan Cire ₦14,500 daga Albashina na Fabrairu da Maris

Bunkure, Jihar Kano
7 ga Afrilu, 2026

Zuwa ga Akanta, Sashen Albashi
Ta hannun Manajan Ma'aikata

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya. Ni ne Sabi'u Garba, mai kula da injin casa na biyu a aikin dare, lambar ma'aikaci 0147. Na rubuto ne kan wani kuɗi da aka cire mini wata biyu a jere, wanda takardar albashi ba ta faɗi ko na mene ne ba.

Albashina kafin a cire komai ₦120,000 ne a wata: tushen albashi ₦60,000, kuɗin gida ₦24,000, kuɗin mota ₦16,000, alawus na aikin dare ₦20,000. A Janairu abu uku aka cire, kuma duka na san da su. Fansho ₦8,000, haraji ₦6,800, sai ajiyar ƙungiyar taimakon juna ₦5,000 da na sa hannu da kaina. Jimla ₦19,800, abin da ya shiga asusuna ₦100,200.

A Fabrairu sai layi na huɗu ya bayyana a ƙasan waɗannan, an rubuta OTHER DED, a gabansa ₦14,500. Babu lamba, babu bayani. Abin da ya shigo ₦85,700. Na ɗauka kuskuren wata guda ne, na faɗa wa magatakarda da baki, ya ce za a duba. Maris ya zo da layin nan yadda yake. Ke nan zuwa yau ₦29,000.

Kafin in ɗauki biro sai da na bi duk inda kuɗin zai iya fitowa, don kada in ɗora muku aikin da ni zan iya yi.

Fansho dai daidai yake. Dokar fansho ta 2014 ta sa ma'aikaci ya biya kashi 8 cikin ɗari na tushen albashi da kuɗin gida da na mota, kamfani ya biya kashi 10. Nawa ukun sun kama ₦100,000, kashi 8 ɗinsu ₦8,000, kuma yana kan layinsa.

Haraji ne na fi zargi da farko, tunda sabuwar doka ta fara aiki a Janairun bana, amma lissafin bai ɗauka ba. Albashin shekara ₦1,440,000 ne. In aka fitar da fansho ₦96,000 saura ₦1,344,000. ₦800,000 na farko babu haraji a kansu, ragowar ₦544,000 kuma kashi 15 ne, wato ₦81,600 a shekara, ₦6,800 a wata. Abin da ke kan layin PAYE ke nan a duk wata ukun. Kafin haraji ya ƙaru da ₦14,500 a wata, sai an ƙara mini albashi da wajen ₦96,700, ni kuwa ko sisi ba a ƙara mini ba. Akwai kuma abin lura a nan: tunda harajin bai motsa ba, kuɗin nan bayan an gama lissafin haraji aka cire shi. Da irin fansho ne, da harajin ya ɗan sauka.

Asusun gidaje na ƙasa kashi 2.5 ne. Ko a kan albashin gaba ɗaya aka lissafa ₦3,000 ne, balle ban cike takardar shiga ba.

Rancen albashi na ₦30,000 da na karɓa a Satumbar 2025 an cire shi ₦10,000 sau uku, Oktoba, Nuwamba da Disamba. Takardar Disamba ta nuna saura sifili. Na tambayi ma'ajin ƙungiyar taimakon juna, ya duba littafinsa, babu bashin kayan azumi ko na taki a kaina, kuma ban tsaya wa kowa ba.

Fashin aiki ma bai dace ba. Littafin sa hannu na ƙofa zai nuna ban yi fashi ba a watannin nan. Ko da na yi, in an raba albashin kwana 30, yini ₦4,000 ne, kwana uku ₦12,000, huɗu ₦16,000. In kwana 26 ne, uku sun kama ₦13,846. Babu wanda ya faɗa kan ₦14,500, kuma da wuya fashi ya zo daidai wa daida wata biyu.

Abu biyu suka rage mini. Na farko, robar injin da ta lalace a ƙarshen Janairu tare da bel ɗinta. In ita aka raba mana mu 'yan dare, to ba a kira ni ba, ba a ba ni takardar tuhuma ba, kuma roba abu ce mai cinyewa da aiki, musamman in shanshera ta zo da tsakuwa. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire kuɗin asara daga albashi sai in ganganci ko sakacin ma'aikaci ne ya jawo ta, kuma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire. Na biyu, a ce bashin wani ne ya hau lambata. Mu biyu ne masu suna Sabi'u a kamfanin, lambobinmu kuma kusa suke, sai a duba ko wajen shigar da lamba aka samu saɓani.

Na san jimlar abin da aka cire a wata, ₦34,300, bai kai sulusin albashina ba, wato ₦40,000 da doka ta sa iyaka. Amma rashin kai wa iyakar ba shi ne izinin cirewa ba.

Don haka ina roƙon a ba ni amsa a rubuce, da sa hannu da hatimi, mai ɗauke da waɗannan:

1. Ainihin abin da OTHER DED ke nufi a takardata, da wanda ya ba da umarnin sa shi da ranar da ya bayar.
2. Jimlar kuɗin da ake bi na, yadda aka lissafa ta, abin da aka cire zuwa yanzu, abin da ya saura, da watan da za a gama.
3. Kwafin takardar da aka dogara da ita: sa hannuna in bashi ne, rahoton bincike da amincewar jami'in ƙwadago in asara ce. In kuma cewa aka yi an taɓa biya na fiye da haƙƙina, a nuna mini watan da adadin, domin doka ta taƙaita irin wannan ga wata ukun da suka gabaci watan da aka gano kuskuren.
4. Inda ₦29,000 ɗin suke yanzu, a asusun kamfani ne ko an tura wa wani.

Tunda ranar 20 ga wata ake rufe lissafin albashi, ina roƙon amsar ta iso ni zuwa ranar Talata, 14 ga Afrilu, kuma a dakatar da layin nan daga albashin Afrilu har a warware. In ta tabbata bashi ne na gaskiya, zan biya, sai mu zauna a tsara yadda zan iya. In kuskure ne, a mayar mini da kuɗin tare da albashin Afrilu a layi na daban mai suna, don kada a lissafa shi a matsayin sabon albashi a sake cire masa haraji.

Na haɗa da kwafin takardun albashi na Disamba zuwa Maris, da bayanan asusuna na banki na watannin. Ina roƙon a buga hatimin karɓa a kwafi na biyu na wannan wasiƙa a ba ni. Ina tashi aiki ƙarfe 6 na safe, zan iya jira har a buɗe ofis duk ranar da kuka neme ni.

Allah ya ƙara girma.

Naku,
Sabi'u Garba
Injin casa na biyu, aikin dare
Lambar ma'aikaci 0147

Kwafi: Wakilin ma'aikata