Wasiƙa ga Alhaji kan ɗage ranar kawo masara

Saminaka, Alhamis 9 ga Oktoba

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran gona baki ɗaya. Allah ya ƙara albarka a kiwon.

Ranka ya daɗe, masarar nan buhu 300 da muka yi alƙawarin zan sauke maka a gonarka ta Kuje ranar Litinin 13 ga wata ba za ta samu gaba ɗaya a wannan rana ba. Abin da zan iya kawowa ranar shi ne buhu 100 na tsohuwar masara busasshiya. Sauran buhu 200 ina roƙon a ɗaga su zuwa Litinin 27 ga Oktoba. Ka yi haƙuri. Ni na ba ka rana da bakina, kuma a kanta ka yi lissafin abincin kajinka, saboda haka nauyin wannan jinkiri a wuyana yake. Na kira layinka da safe, manajanka ya ce kana kan hanya, sai na ga gara in rubuto maka komai dalla-dalla tun yau da sauran kwana huɗu, ka samu damar yin shawara.

Masarar tana nan, ba rasa ta aka yi ba. Na saye ta tun tana gona a hannun manoman da na saba hulɗa da su a nan yankin Lere, an karye ta, an sussuke fiye da rabi. Matsalar ɗaya ce, ba ta bushe ba. Ruwa bai ɗauke mana a nan ba har yanzu. Da an baza shanya da hantsi, kafin la'asar hadari ya haɗo, sai a tattara a rufe da tamfol, da dare kuma raɓa ta sauka. Jiya na sa na'urar gwajin danshi a buhuna daban-daban daga cikin waɗanda aka ɗinke, ta nuna mini tsakanin kashi 18 da 19 cikin ɗari. Abin da muka rubuta a takardar ciniki kashi 13 ne ko ƙasa da haka. Ko ba na'ura ma, in ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ciza za ka ji ta lotsa, ba ta yin ƙas ɗin nan na busasshiyar masara.

Ka fi ni sanin abin da ɗanyar masara ke yi a sito, amma bari in faɗi dalilin da ya sa na ƙi ɗora ta. In aka jibge ta cikin mota aka ja tamfol, tun a hanya take fara ɗaukar zafi. Ta shiga sitonka ta yi mako ɗaya ko biyu, sai fumfuna ta kama ta daga tsakiyar buhu, inda ido ba ya kaiwa. A cikin irin wannan fumfunar ake samun gubar nan da likitocin dabbobi ke kira afulatoksin, wadda niƙa ba ya kashe ta, kuma ko an sake shanya masarar ta bushe gubar tana nan. Hantar kaza take taɓawa. Kaji su rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, garkuwar jikinsu ta yi rauni har rigakafin da aka yi musu ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Abin da ya fi damuna shi ne ba a gane bakin zaren da wuri. Za ka yi ta kiran likita ana sayen magani ana zargin ruwan sha, alhali cutar tana cikin buhun da ni na aiko. Kaji dubu goma masu ƙwai ba dukiyar da zan yi wa ganganci ba ce don kawai a ce na cika rana.

Akwai kuma batun awo. Buhu mai kilo 100 da danshinsa yake kashi 18, in ya bushe ya dawo 13, yana rasa kusan kilo 6. A buhu 300 wannan ya kai wajen buhu 17. Ma'ana da na loda maka ita a yadda take, kuɗin buhu 17 za ka biya na ruwa zalla, wanda zai bi iska a cikin sitonka. Akwai masu yin haka a irin wannan lokaci na kaka, wasu ma su zuba busasshiya a bakin buhu, ɗanyar a ƙasa. Ba a kan haka muka fara hulɗa da kai ba.

Yanzu ga abin da na shirya. Manajanka ya shaida mini cewa injinku yana cin masara kamar buhu 6 a rana, kuma abin da ya rage a sito ba zai wuce tsakiyar mako mai zuwa ba. Ina da tsohuwar masara ta bara a sitona, buhu 100, wadda na ajiye da niyyar sayarwa a nan gida. Ita zan ba ka. Na gwada ta, danshinta kashi 12 ne. Tun da ta kwana biyu a ajiye, na sa yara su zazzage ta su tankaɗe su fitar da ƙura da ƴan ƙwarin da ba a rasa ba, sannan a sake aunawa a ɗinke, kowane buhu kilo 100 cif. Zan haɗo maka da ƙaramin buhu ɗaya daban don a buɗe a duba tun kafin a fara saukewa. A lissafin buhu 6 a rana, wannan zai riƙe ku kwana 16, wato har zuwa 28 ko 29 ga wata. Ka ga ke nan injin ba zai tsaya ba, kuma ba sai an canza wa kaji haɗin abinci ba, don na san canjin abinci kwatsam shi ma yana taɓa ƙwai.

A kasuwa yanzu tsohuwar masara ta fi sabuwa tsada, amma a farashin da muka daidaita zan ba ka ita, ba ƙarin ko kwabo. Kuɗin motar da za ta ɗauko wannan buhu 100 ma a kaina yake, tun da mun yi ciniki ne a kan tafiya ɗaya, ni na mai da ita biyu. Mota mai taya shida ce, direban da ya kawo maka waken suya kwanakin baya, ya san hanyar gonar. Za a yi lodi ranar Asabar, ya tashi Lahadi bayan sallar asuba ta Jos da Akwanga da Keffi, tafiyar rana kawai, ba na yarda kayana su yi tafiyar dare. In Allah ya yarda Litinin da safe ƴan dako suna saukewa.

Sauran buhu 200 kuwa, na kama wani fili mai daɓen siminti da rumfar kwano a gefe, inda za a riƙa bazawa siriri ana juyawa da manjagara, in hadari ya taso a janye cikin rumfa. Na ƙara hannu, kuma na hana a shanya ko tiya ɗaya a ƙasa ko a gefen kwalta, saboda tsakuwa da ƙasa suna cin haƙoran injin niƙa. In aka samu rana mai kyau, kwana huɗu zuwa biyar sun isa kowane kaso ya bushe. Da zan iya ce maka 20 ga wata, kuma mai yiwuwa a gama kafin nan. Na zaɓi 27 ne don in bar wa kaina sarari, domin ba na son in sake dawo maka da wata wasiƙa irin wannan. In ta bushe da wuri, zan kira ka mu matso da ranar.

Ruwan sama ba a hannuna yake ba, don haka ga abin da na ɗaure kaina da shi. Ranar Laraba 22 ga wata zan yi gwaji na ƙarshe. Duk abin da bai sauko kashi 13 ba a ranar, zan ajiye shi gefe in nemo busasshiya a Giwa ko Dandume ko Dawanau in cike buhu 200 ɗin, bambancin kuɗin kuma ni zan ɗauka. Kafin nan, duk Litinin da Alhamis zan turo maka hoton abin da na'urar ta nuna ta WhatsApp, kai da manajanka. In kuma kana so ka turo yaronka ya zo ya tsaya a kan awo da ɗinki, ƙofa a buɗe take, masauki da abincinsa suna wuyana. Ranar saukewa a soka buhu duk wanda kuka ga dama, na sama ko na ƙasa. Wanda bai kai ba a maido shi cikin motar.

Wani abu kuma da nake so ya fito fili tun yanzu. Kaka ce muke shiga, kuma bisa al'ada farashin masara yakan sauka in sabuwa ta cika kasuwa. Ba daidai ba ne in jinkirta maka kaya mako biyu sannan in karɓi tsohon farashi alhali kasuwa ta faɗi. Don haka a kan buhu 200 ɗin, in farashi ya sauka a ranar lodi, na ranar za ka biya. In ya hau, muna nan a kan wanda muka rubuta.

Duk da haka Alhaji, kuɗinka ne kuma kajinka ne. In ka ga wannan tsari bai yi maka ba, ko ka samu busasshiyar masara kusa da kai wadda hankalinka ya kwanta da ita, wallahi ba zan ji komai ba. Kuɗin kafin alƙalamin da ka ba ni, wato rabin kuɗin cinikin, yana nan. Ka ce a mayar, in tura maka cikin asusunka a ranar, ko duka, ko kuma a cire na buhu 100 ɗin in kana son su a maido sauran. Iyaka dai ina ba ka shawara, duk inda za a saya a makonnin nan a tafi da na'urar gwaji, domin damshin da ke damunmu a nan bai bar sauran kasuwanni ba.

Abin da nake buƙata daga gare ka shi ne amsa kafin gobe Juma'a da la'asar, don in tabbatar wa direba da ƴan lodi. Zan sake kiranka bayan an sauko daga masallaci. In kana da uzuri, ka bar wa manaja sallahu, duk abin da ya faɗa mini shi zan bi. A kuma sa yara su share ɓangaren sito su jera katako a ƙasa kafin Litinin, kada buhunan su zauna a kan siminti ko su jingina da bango.

Na gode da haƙurinka da kuma amanar da ka ba ni. Allah ya tsare dukiya, ya bar zumunci. A gaida Hajiya da yara.

Wassalam.

Naka,
mai kawo maka masara daga Saminaka