Jigatar bayan maye: abin da ke kawo ta da abin da ke sauƙaƙa ta

Ciwon kai, ƙishirwa, tashin zuciya, jiri da kasalar da mai shan giya ke tashi da su washegari sun fi tsanani ne a lokacin da giyar ta kusa ƙarewa a cikin jini, kuma sukan kai awa 24 kafin su lafa. Abubuwa da dama ne ke haɗuwa su kawo su.

Wanda kowa ya sani shi ne ƙarancin ruwa. Giya tana danne sinadarin basofiresin, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita fiye da abin da aka sha. Idan amai ko gumi ya ƙaru a kai, gishirin jiki ma ya tafi. Daga nan bushewar baki da ƙishirwa suke. Sai dai ana ɗora wa ƙarancin ruwa laifin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa mutum zai sha ruwa har cikinsa ya cika amma jiki bai saki ba.

Babban aikin yana hanta. Takan fara mai da giya wani sinadari mai guba, asitaldihaid, sannan ta mai da shi asitet, wanda jiki ke ƙonawa ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa a numfashi. Hanta ba ta sauri: kusan giram 7 na tsantsar giya take sarrafawa a awa ɗaya. Kwalbar biya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24, wato aikin sama da awa 3. Kwalba huɗu kuwa ta haura awa 12. Asitaldihaid yana jawo jan fuska, bugun zuciya, gumi da amai. Ana ganin haka ƙarara a wajen mutane da yawa na gabashin Asiya, waɗanda suka gaji raunin sinadarin da ke kawar da shi: kaɗan za su sha fuska ta yi ja. Muddin hanta na kan wannan aiki, ba ta iya samar da sukari yadda ta saba, sai rauni da karkarwa su biyo baya, abin da ke da hatsari ga mai ciwon suga. Ban da haka giya na ƙara tsamin ciki tana cin bangonsa, tana kuma tayar da garkuwar jiki kamar yadda zazzaɓi ke yi.

Barcin maye kuwa ba ya hutar da jiki. Yana zuwa da wuri, amma giya na rage zangon da ake mafarki a cikinsa, tana sassauta naman maƙogwaro har minshari ya ƙaru, kuma da ta fara janyewa wajen asuba sai a yi ta farkawa.

Irin giyar ma yana da tasiri. Masu duhu, irin su wiski da burandi, sun fi masu fari ɗauke da tarkacen sinadaran da ke tsananta ciwon.

Babu ƙwaya ko jiƙon da aka tabbatar yana warkar da wannan hali. Lokaci ne kaɗai ke yi, sauran duk sauƙaƙawa ne. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Idan an yi amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A ci abu mai sauƙi, kamar koko, kunu, ayaba ko romo marar yaji, sannan a koma barci. A yi hattara da maganin ciwon kai: farasitamol na ƙara wa hanta nauyi, musamman ga mai sha kullum, asfirin da ibufurofen kuma suna taɓa ciki, don haka mai gyambon ciki ya guje su. Kofi da wankan ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini. Ƙara wata kwalbar da safe jinkirta ciwon kawai take yi, kuma hanya ce ta kamuwa da jarabar sha. Kada a tuƙa mota ko babur a ranar.

Wasu alamun kuma na asibiti ne nan take: aman jini, ruɗewa, jijjiga kamar farfaɗiya, numfashi sama-sama, ko gani dishi-dishi bayan shan ogogoro ko wata giyar da ba a san inda aka dafa ta ba, domin tana iya zama da metanol, wanda ke makantarwa har ya yi kisa. Wanda aka tashe shi bai farka ba, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, wani ya zauna tare da shi har a samo abin hawa.