Sanarwa ga ma'aikata: tsofaffin adireshin imel da ke fitowa da kansu

Assalamu alaikum.

A makon jiya sau uku ana kawo mini kukan saƙo ya dawo, ko kuma ya tafi shiru babu amsa. Da na duba, duk ciwon ɗaya ne. Wata ta taɓa rubuta `gmial.com` a maimakon `gmail.com`, tun daga ranar kuwa da ta buga haruffa biyu na farko sai adireshin ya faɗo mata, ita kuma ta danna ba tare da ta karanta ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, manhajar imel tana adana duk adireshin da kuka taɓa aika wa saƙo, ba ruwanta da ko daidai ne ko kuskure. Wannan jeri daban yake da littafin sunayenku. Shi ya sa za ku gyara adireshin mutum a littafin, gobe ku ga tsohon ya sake leƙowa.

Masu Outlook a kwamfuta, ku fara rubuta sunan a layin `To`. Idan gurɓataccen ya fito, ku kai kibiyar linzami kansa, za ku ga alamar X a gefen dama, ku danna ta. Shi ke nan. Akwai kuma hanyar share jerin gaba ɗaya ta `File`, `Options`, `Mail`, sannan `Empty Auto-Complete List`, amma ba na ba da shawararta. Tana kwashe masu kyau da marasa kyau, kuma na san da yawanmu ba mu taɓa adana adireshin kowa a littafin sunaye ba, da wannan jerin muka dogara.

Na Gmail ya ɗan fi zagaye. Sai kun buɗe `contacts.google.com`, ku shiga `Other contacts`, inda ake tara waɗanda kuka yi wa saƙo ba ku adana su ba. Ku nemo adireshin ku goge. Idan ba ya nan, ku duba cikin `Contacts`, wataƙila yana maƙale a ƙarƙashin sunan mutumin tare da sabon. Wani lokaci yakan ɗan jima yana fitowa bayan gogewa, ku sake loda shafin, ku ba shi lokaci.

A manhajar Mail ta kwamfutar Mac, yana ƙarƙashin `Window`, `Previous Recipients`, sai `Remove From List`.

Don Allah ku kula da tsofaffin zarurrukan saƙo. Idan kuka danna `Reply All` a saƙon da ke ɗauke da tsohon adireshin, zai iya komawa cikin jerin kamar ba a taɓa cire shi ba. Ku cire shi daga layin kafin ku aika.

Wanda ya gwada bai fita ba, ya same ni a ofis bayan azahar da kwamfutarsa.

Na gode.
Sashen kula da kwamfutoci