Tari da atishawa: yadda za ka kare na kusa da kai

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na lafiya. Sanyi ya shigo, ko'ina ka juya sai tari da atishawa. Yau muna tare da wata ma'aikaciyar jinya. Malama, barka da zuwa. Ni tun ina yaro aka koya mini in rufe baki da tafin hannu idan tari ya zo. Da laifi?

MA'AIKACIYAR JINYA: Barka kadai, Malam. Niyyar mai kyau ce, amma akwai gyara. Idan mai mura ya yi tari, ƙananan ɗigon yawu da majina ne ke fita ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ka tare su da tafin hannu, to, ina hannun zai je? Da shi za ka murɗa ƙofa, ka ɗauki waya, ka shafa kan ɗanka. Yaron ya taɓa wurin, ya murza idonsa ko hancinsa, shi ke nan cuta ta samu hanya.

MAI GABATARWA: To me ya kamata a yi?

MA'AIKACIYAR JINYA: Idan akwai tishu, a rufe baki da hanci duka biyu, domin da yawa baki kawai suke rufewa su bar hanci. Ana gamawa a jefa shi a kwandon shara. Kada a naɗe shi a mayar aljihu don anjima, amfaninsa sau ɗaya ne. Sai a wanke hannu da ruwa da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da bayan hannu. In babu ruwa a kusa, man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60 cikin ɗari zai wadatar.

MAI GABATARWA: Amma atishawa ba ta sallama, Malama. Kafin ka lalubo tishu ta riga ta fito.

MA'AIKACIYAR JINYA: Shi ya sa nake son gwiwar hannu, kullum tana tare da kai. Masu sauraro, ku gwada yanzu a inda kuke zaune. Ɗaga hannunka, ka lanƙwasa shi, ka kai fuskarka cikin lanƙwasar har hannun riga ya rufe baki da hanci, ka kuma kau da kai daga mutane. Da wannan wurin ba ka miƙa wa kowa komai. Iyaye, ku koya wa yara ta hanyar yi a gabansu. Abin da yaro ya ga ana yi ya fi zama masa a kan abin da aka faɗa masa. Kuma don Allah a daina tofar da kaki a ƙasa inda yara ke rarrafe, wannan yana damuna ƙwarai.

MAI GABATARWA: Ga saƙon wata mai sauraro. Ta ce mura da tari sun kama ta kwana uku, tana da jaririya 'yar wata huɗu, ɗaki ɗaya suke kwana. Ta daina shayarwa ne?

MA'AIKACIYAR JINYA: A'a 'yar'uwa, ki ci gaba da ba ta nono, kariya ce gare ta. Ki wanke hannu kafin ki ɗauke ta, ki sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ki dakata da sumbatar fuskarta har ki warke. A buɗe taga iska ta riƙa ratsawa, domin wasu ƙwayoyin suna daɗewa a iskar ɗaki rufaffe. Ƙwayar cutar ƙyanda takan kai awa biyu a iska bayan mara lafiyan ya fita.

Ga sauran jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tazarar aƙalla mita ɗaya, wato babban taku guda, in ta fi haka ma ya fi. Mai zazzaɓi da tari ya zauna a gida, yaro ma kada a tura shi makaranta, har sai zazzaɓin ya sauka awa 24 ba da taimakon magani ba. Murar da za ta kwantar da kai kwana biyu tana iya kai tsoho, mai juna biyu, ko mai asma gadon asibiti. Idan ka ce wa ɗan'uwanka "ina mura, bari in ɗan matsa", ƙauna ka nuna masa.

MAI GABATARWA: Yaushe ne zama a gida ba zai isa ba?

MA'AIKACIYAR JINYA: Idan numfashi yana wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko an ga jini a kaki, ko yaro yana numfashi da sauri ya ƙi shan nono, a tafi asibiti nan take. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, musamman da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, yana da magani kuma ana warkewa. Da isarka ka gaya wa ma'aikata tari kake yi, don su zaunar da kai inda iska ke shiga.

MAI GABATARWA: Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Mako mai zuwa za mu tattauna a kan zazzaɓin yara. Mu kasance lafiya.