Gwaji arba'in bai zama hujja ba

Assalamu alaikum. Ku ajiye kalkuleta tukuna, za mu buƙace ta amma ba yanzu ba.

Makon jiya, da na mayar muku da takardunku, ɗaya daga cikinku ya biyo ni har bakin ofis yana cewa, "Malam, ai amsata daidai ce, me ya sa ka rage mini maki?" Gaskiyarsa, amsar daidai take. Na ce masa ya jira yau, don tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye.

Ku dubi abin da na rubuta a allo: n² + n + 41. Ku sa 0 a gurbin n, ku sami 41. Ku sa 1, ku sami 43. Sai 47, sai 53, sai 61. Me kuka lura? Dukansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, waɗanda muke kira firam. Wanda yake da haƙuri ya ci gaba har 39, ba zai ga ta saɓa ba ko sau ɗaya. Gwaji arba'in ke nan a jere. Da ni ne a shekarunku, da na rantse cewa doka ce. To, ku sa 40. Za ku sami 1681, wato 41 sau 41. Ta rushe.

Kada ku ce wannan tarkon ɗalibai ne kawai. Fermat, wanda ba ƙaramin masani ba ne, ya duba 3, 5, 17, 257 da 65537, lambobin da ake samu daga 2^(2^n) + 1, ya ga duka firam ne, sai ya ɗauka haka za su tafi har abada. A 1732 Euler ya nuna cewa ta gaba, 4294967297, tana rabuwa da 641. Ni dai labarin nan yana sanyaya mini zuciya duk ranar da na yi kuskure a gabanku.

Yanzu ga wani. 1 + 3 ya ba da 4. Ƙara 5, ya zama 9. Ƙara 7, 16. Kamar dai in ka tara lambobin mara a jere daga ɗaya, kullum murabba'i kake samu. Amma bayan abin da ya same mu yanzu, wa zai yarda? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ku ɗauki tsakuwa ɗaya ku ajiye. Don ta zama murabba'i mai biyu-biyu, kuna buƙatar ɗaya a gefe, ɗaya a sama, ɗaya a kusurwa, uku ke nan. Don ya zama mai uku-uku, biyu a gefe, biyu a sama, ɗaya a kusurwa, biyar. A nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Komai girman murabba'in, in kowane gefensa yana da tsakuwa n, abin da zai kai shi mataki na gaba shi ne n a gefe, n a sama, da ɗaya a kusurwa, wato 2n + 1. Wannan kuwa ita ce marar da ke biye. Ban gwada miliyan ba, ban gwada biliyan ba, kuma ba na buƙata, domin maganar da na yi ta hau kan kowace n lokaci guda. Wannan ita ce hujja. A misalin farko mun ga abu yana faruwa, ba mu san dalili ba, shi ya sa ba mu hango inda zai tsaya ba. A na biyu dalilin yana hannunmu.

Akwai kuma abin da ya fi burge ni. Da na ce muku 641 tana raba waccan lamba, yawancinku kun yarda ne saboda Malam ya faɗa. Maganar tsakuwa kuwa, ko gobe na dawo na ce ƙarya ce, za ku iya tashi ku zana ta a allo ku kayar da ni, kuma dole in yi shiru. Ƙaramin cikinku zai iya. Da na rage wa ɗan'uwanku maki, abin da nake nema ke nan: ya nuna mini hanyar da ni ma zan bi in isa inda ya isa, ba tare da na dogara da sa'arsa ba.

Ga aikinku na mako mai zuwa. Ku ɗauki lambobi uku a jere, kamar 7, 8, 9, ku tara. Jimlar tana rabuwa da uku. Ku nuna mini cewa kullum haka ne. Wanda ya kawo mini misalai ɗari zan yaba wa ƙoƙarinsa, sannan in tambaye shi na ɗari da ɗaya. Layi biyu sun isa, ko tsakuwa in kun fi so. Yanzu ku ɗauko kalkuleta, ku raba 4294967297 da 641, mu ga ko na faɗi gaskiya.