Yadda Ake Tsuguno Ba Tare da An Ci Zalin Gwiwa Ba: Takardar Sababbin Shiga Ajin Asuba

Sababbin da suka shigo mana a wannan wata, barkanku da zuwa. Ranar Asabar na tsaya a gefen fili ina kallon ku, cikin mutum goma sha ɗaya, uku ne kawai dunduniyarsu ba ta bar ƙasa ba. Shi ya sa na rubuta wannan, kowa ya karanta a gida ya gwada kafin haɗuwarmu ta Talata.

Na san wani zai ce, Bahaushe za a koya wa tsuguno? Da shi muke gaida manya, da shi muke alwala, har horo aka yi mana da shi a firamare. To amma yawancinmu a kan yatsu muke ɗosanawa, dunduniya a sama, baya a lanƙwashe. Wannan ba laifi ba ne wurin gaisuwa. Sai dai wanda muke yi a fili, wanda 'yan jim ke kira sikwat, maimaita shi ake yi sau da yawa, daga baya kuma a ɗora masa nauyi, don haka yana da nasa ƙa'idoji.

Kafin ka fara

Ka yi tafiya da sauri ta minti 5, ka jujjuya idon sawu da ƙugu har jiki ya ɗumama, musamman yanzu da sanyin hunturu. Ka sa takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri, ko ka tsaya ba takalmi in wurin da tsabta. Ban da silifas. Ban da jallabiya kuma, domin ina so in ga gwiwarka. Ka nemo kujera mai ƙwari wadda tsayinta ya kai kusan gwiwarka, ka jingina ta da bango.

Tsayuwa

Ka juya wa kujerar baya, ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka ko fiye kaɗan. Yatsun ƙafa su ɗan kalli waje, kamar digiri 15 zuwa 30. Ƙashin ƙugun kowa da irin halittarsa, saboda haka in ka ga na kusa da kai ya fi ka buɗewa, kada ka kwaikwaye shi, nemi inda naka jikin ya sake. Tafin ƙafa ya dafe ƙasa a wuri uku: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Daga farko har ƙarshe babu ɗayansu da zai ɗaga.

Ƙugu

Miƙa hannuwa gaba. Ja numfashi har cikinka ya cika, ka tamke shi kamar wanda ɗan dambe zai kai wa naushi. Sai ka tura mazaunai baya kaɗan, gwiwa ta biyo nan take, ka sauka a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Da ka taɓa kujerar, kada ka zube a kanta kamar wanda ya dawo daga kasuwa. Taɓawa kawai, sai ka take ƙasa da tafin ƙafa gaba ɗaya ka miƙe, kana fitar da numfashi. Ƙugu da ƙirji su tashi tare. In mazaunai suka riga ƙirji tashi, ka koma mai ruku'u, kuma kwankwasonka ne zai biya kuɗin.

Gwiwa

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi ruɗa mutane. An sha gaya muku wai kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. Ku ajiye wannan magana. Duk mai sauka daga bene gwiwarsa tana wuce yatsunsa kullum. Dogon mutum mai dogayen cinyoyi kuwa, in ka hana gwiwarsa matsawa gaba, dole ya kifa ƙirjinsa ƙasa don kada ya faɗi ta baya, nauyin da aka ɗauke wa gwiwa ya koma kan ƙugu da gadon baya. Muddin dunduniya na ƙasa, ka bar gwiwa ta je inda za ta je.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne inda ƙoƙon gwiwar ya dosa. Ya bi layin yatsa na biyu ko na uku. Kuskuren da na fi gani shi ne gwiwoyi su karkato ciki kamar za su gaisa, galibi lokacin tashi, in gajiya ta fara. Maganinsa, ka ji kamar kana tsaye a kan tabarma kana so ka yage ta biyu da ƙafafunka, ba tare da sun motsa ba. Nan da nan za ka ji tsokar gefen mazaunai ta kama aiki.

In dunduniya ta ƙi zama, yawanci idon sawu ne ya yi tauri. Sa ɗan siririn katako a ƙarƙashinta na ɗan lokaci, kana miƙar da sha-raɓa kullum a jikin bango, daƙiƙa 30 kowace ƙafa. A sama kuma ka miƙe sosai, amma kada ka fizgi gwiwar baya da ƙarfi.

Baya

"Miƙe bayanka" ba ya nufin ka tsaya ƙyam kamar sanda. Jiki zai ɗan sunkuya gaba, haka ake so. Abin nufi shi ne siffar da bayanka yake da ita kana tsaye ita zai riƙe har ƙasa: ba ƙusumbi, ba kuma banƙaro ƙirji har kwankwaso ya lotsa ba. Ido ya kalli ƙasa kamar taku uku a gabanka. Masu ɗaga kai sama suna kallon shirwa, wuyanku kuke wahalarwa.

Bayan ne kuma zai gaya maka iyakar zurfinka. Burinmu cinya ta kwanta daidai da ƙasa. Amma in kafin nan ka ji mazaunai sun naɗe ciki, kwankwaso ya fara zagaye, to nan ne iyakarka a yau. Jingina wayarka a gefe ka ɗauki bidiyo, za ka ga abin da ba ka ji ba.

Yawa da nauyi

Sau 8 zuwa 10, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita har zagaye uku. Kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. In ka yi mako biyu komai na tafiya daidai, cire kujerar. Bayan nan ka rungumi galan mai lita 4 cike da ruwa a ƙirji, kilo 4 ke nan. Dogon ƙarfen da samari ke ɗorawa a kafaɗa, cikakkensa kilo 20 ne tun ba a sa masa faifai ba, kuma babu sabon da zai taɓa shi sai na ga tsugunonsa da idona.

Tsamin cinya washegari, wanda yakan fi tsanani a rana ta biyu, ba abin tsoro ba ne. Amma suka a cikin gwiwa, kumburi, ciwon da ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, ko jiri, ka tsaya nan take, in bai lafa ba ka ga likita. Ƙarar gwiwa da ba ciwo ba kumburi, yawanci ba komai ba ce. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi. Wanda aka yi wa tiyata, mai ƙaba, ko mai tsohon targaɗe a gwiwa, ya fara jin ta bakin likitansa, sannan ya same ni gefe mu yi magana.

Talata ƙarfe shida da rabi. Kujerun da ke fili ba za su ishe mu ba, duk wanda gidansa ke kusa ya taho da tasa.

Kocinku